Tantancewar "Ina Raye": Yadda Fanshon Mai Rai Ke Tsayawa, Da Yadda Yake Dawowa

Ofishin da ke biyan fansho ba ya zuwa jana'iza. Idan tsohon ma'aikaci ya rasu da asuba a Gumel ko Ɗanbatta, kafin azahar an kai shi makwancinsa, an yi zaman makoki, kowa ya watse, kuma sau da yawa babu wanda ya bi ta kan takardar shaidar mutuwa daga asibiti ko daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda ita doka ta ɗora wa rajistar haihuwa da mutuwa. Sunansa yana nan a jerin waɗanda ake biya a Abuja, asusunsa na banki a buɗe yake, katin cire kuɗinsa yana hannun wani ɗa ko jika. Kuɗi za su ci gaba da shiga kowane ƙarshen wata har sai wani abu ya tsayar da su. Wannan abin da ke tsayar da su shi ne tantancewar da ake yi wa 'yan fansho lokaci-lokaci, wadda a yawancin wurare sau ɗaya ake yin ta a shekara.

Tsarin bai san mutuwa ba, shiru kawai ya sani. Wanda ya rasu ba zai amsa ba, haka ma wanda yake kwance a asibiti, da wanda layin wayarsa ya ɓata, da wanda kwamfuta ta ƙi gane fuskarsa. A idon ofishin biya duk ɗaya suke, kuma hukuncinsu ɗaya ne: a dakatar da biya. Saboda haka ne ake samun dattijo da ransa da lafiyarsa yana sintiri tsakanin banki da ofis yana ƙoƙarin tabbatar wa gwamnati cewa bai mutu ba.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na hukumar PTAD, wadda aka kafa a 2013 don ta riƙa biyan 'yan fanshon Gwamnatin Tarayya na tsohon tsari. Dokar gyaran fansho ta 2004 ce ta raba ma'aikata gida biyu. Waɗanda suka riga suka yi ritaya, da waɗanda shekara uku ko ƙasa da haka suka rage musu, aka bar su a tsohon tsari, wato wanda gwamnati ke biyan mutum wani adadi duk wata daga kasafin kuɗinta har ranar da ya bar duniya. Na ƙarshensu sun ajiye aiki a ƙarshen watan Yunin 2007. Sauran kuwa aka mayar da su tsarin adashi, inda kowa ke da asusunsa a wani kamfanin fansho. A ƙarƙashin PTAD akwai tsofaffin ma'aikatan ma'aikatun tarayya, da 'yan sanda, da kwastan da shige da fice da gandurobobi, da ma'aikatan jami'o'i da asibitocin tarayya, da na hukumomi irin su reluwe da NITEL. Sojoji ba sa ciki, suna da tasu hukumar fanshon daban, haka kowace jiha da nata tsarin.

Wanda ya yi ritaya a 2007 yana da shekara 60, yau ya kusa 80. Ke nan jama'ar da PTAD ke biya jama'a ce da kullum raguwa take yi, kuma kowane wata akwai waɗanda ke rasuwa ba a sanar ba. Ga kuma tarihin da ya sa ba a yarda da jerin sunaye haka kawai: badaƙalar kuɗin fanshon 'yan sanda da ta ma'aikatan tarayya, wadda a cikinta kotu ta yanke wa Abdulrasheed Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran fansho, ɗaurin shekara takwas a watan Nuwamban 2021. 'Yan fanshon bogi da matattun da ake karɓa da sunansu suna cikin hanyoyin da aka riƙa yashe asusun.

Tsakanin 2015 da 2019 hukumar ta zagaya ƙasa ta yi tantancewar ido da ido. Aka tara tsofaffi a manyan cibiyoyi, aka duba takardar ɗaukar aiki da ta ƙarin girma na ƙarshe da ta ritaya, aka ɗauki hoto da zanen yatsu, aka rubuta lambar asusu da BVN da lambar waya, aka ba kowa 'yar takarda mai ɗauke da hotonsa da lambarsa ta fansho. Wannan aikin ya tsabtace jerin sunaye na wannan ranar kaɗai. Washegari wani ya rasu, jerin ya fara tsufa. Sake tara masu shekara 70 da 80 a layi duk shekara kuwa azaba ce, ga tsada. Shi ya sa aka fito da tabbatarwa ta intanet mai suna "I Am Alive", wato "Ina Raye", wadda aka gwada da mutum 50,000 a watan Oktoban 2021, aka buɗe ta ga kowa daga watan Afrilun 2023, aka fara da 'yan sanda, sauran rukunoni suka biyo baya, kowane rukuni da kimanin wata shida na wa'adi.

Abin da ake yi a gaban waya

Aikin kansa bai fi minti biyar ba idan komai ya tafi daidai. Ana buƙatar waya mai kyamara da data, ko kwamfuta mai kyamara, kuma ba dole wayar ta zama ta ɗan fanshon ba. Ta jikansa ma ta wadatar. A shiga shafin hukumar, ptad.gov.ng, a danna alamar "I Am Alive". Za a nemi abu biyu: lambar fansho, wadda ke jikin takardar tantancewar da aka ba shi, da lambar asusun bankin da ake biyansa ta ciki. Daga nan sai ɗaukar hoto, kwamfutar hukumar ta gwada shi da wanda take da shi a ajiye. Idan sun dace, sai a zo mataki na biyu, inda za a sa mutum ya riƙa juya fuskarsa yana bin wani abu da ke motsi a allon wayar. In an gama, allon zai nuna "Successful", sannan saƙon tes ya shiga lambar wayar da hukumar ke da ita. Wanda fuska ta ƙi masa, akwai hanyar dangwala yatsa, amma ita sai da kwamfuta da na'urar ɗaukar zanen yatsa, abin da ba kowane shagon intanet ke da shi ba.

Matakan nan biyu tambaya biyu ce daban, kuma raba su yana taimakawa wajen gane inda aka maƙale. Na farko yana tambaya: shin wannan shi ne mutumin da muka tantance? Na biyu yana tambaya: shin mutum ne mai rai a gaban kyamarar, ko an ɗaga hotonsa ne? Hoton mamaci zai iya tsallake tambaya ta farko, amma ba zai juya kai ya bi motsi ba.

A mataki na farko, babbar matsalar ita ce hoton da ke ajiye ya tsufa. An ɗauke shi shekara bakwai ko goma da suka wuce, kuma a irin waɗannan shekarun fuska tana sauyawa da sauri. Wanda ciwon suga ya ramar, ko haƙoransa suka zube kumatu suka faɗa, ko shanyewar ɓarin jiki ta karkatar masa da baki, ko ya tara gemun da a da babu, zai iya zama baƙo ga hotonsa na 2017. Sai kuma abubuwan da ke hannun mai riƙe da wayar, waɗanda su ne suka fi yawa kuma suka fi sauƙin gyara. Ana zaunar da dattijo a zaure, ƙofa a bayansa, hasken rana ya cika hoton, fuskar ta koma baƙin dunƙule. Abin da ya kamata shi ne haske ya fuskance shi, bango ya zama a bayansa. A ɗaga wayar daidai tsayin idonsa, ba daga ƙasan haɓa ba. A goge gilashin kyamarar. A cire tabarau, a tura hula baya goshi ya fito, mai rawani ya sauke amawali, mace ta gyara hijabinta yadda goshi da haɓa za su bayyana. Kada jikoki su leƙo ta kafaɗa, fuska biyu a hoto ɗaya tana rikita na'urar. Kuma idan wayar ta tambaya ko a ba shafin izinin amfani da kyamara, a amince. Da yawa suna danna ƙi cikin sauri, allon ya yi baƙi, su ce shafin ne ya lalace.

Mataki na biyu yana kayar da wasu mutane daban: mai yanar ido da ba ya ganin abin da ke motsin, mai rawar jiki, mai ciwon mantuwa da ba ya bin umarni, da wanda wuyansa ya ƙage. Dabarar da ke aiki ita ce mai taimako ya tsaya a bayan wayar yana faɗa masa, "Baba, dama, a hankali, yanzu hagu," ko ya riƙa motsa yatsansa dattijon yana bi. Kan ne zai motsa, wayar ta tsaya cik. In aka jingina ta da wani abu ya fi a riƙe ta a hannu. Sabis mai rauni ma yana yanke aikin a tsakiya, kuma nan ne ake yin kuskure mafi tsada. An ɗauki hoto, an juya kai, shafin ya tsaya yana juyawa, mai shagon ya ce an gama, dattijo ya biya ladan aiki ya tafi gida. Muddin allon bai nuna "Successful" ba, ba a yi komai ba. A ɗauki hoton allon a ajiye, ko a buga shi a takarda, a rubuta kwanan wata a jiki.

Yatsa ma ba tabbas ba ne. Zanen yatsan tsoho yana shafewa, musamman wanda ya koma gona bayan ritaya, ga bushewar fata lokacin hunturu. Wanke hannu da ɗan shafa mai kaɗan yakan fito da zanen, amma wani yatsan ya riga ya goge.

Sai dai a ganina matsalar da ta fi cin mutane ba ta fuska ba ce, ta bayanan da ke ajiye ce. Shafin yana neman lambar asusun da hukumar ta sani, ba wadda mutum ke amfani da ita yau ba. Wanda ya sauya banki bai sanar a rubuce ba, ko ya rikita asusunsa biyu, zai ga an ce ba a san shi ba. Da Babban Banki ya soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin 2024, 'yan fanshon da ke karɓa ta can sai da suka miƙa sababbin lambobi, kuma kafin a sauya a rumbun bayanai mutum yana tsakanin asusu biyu. Lambar waya ma haka. Layukan da aka rufe a 2024 saboda ba a haɗa su da NIN ba, da waɗanda suka ɓata aka sayi sababbi, duk sun yanke igiyar da ke tsakanin ofis da ɗan fansho. Saƙon tunatarwa yana tafiya, amma ga layin da ya mutu ko ya koma hannun wani.

A nan ne kuma kalmar "shekara-shekara" take yaudarar mutane. A Indiya, misali, wata guda aka ware: kowane ɗan fanshon gwamnatin tarayya yana miƙa shaidar yana raye a watan Nuwamba, masu shekara 80 zuwa sama kuma an ba su damar farawa tun 1 ga Oktoba, kowa ya san lokacin kamar yadda ya san watan azumi. Tsofaffin da ke zaune a Nijar suna karɓar fansho daga Faransa su ma sau ɗaya a shekara ake aiko musu da takarda su kai hukuma ta sa hannu. A tsarin da ke tafiya ta intanet kuwa tabbatarwar tana da ranar ƙarewa, kuma ranar wani ba ita ce ta maƙwabcinsa ba. "Ai na yi bara" ba hujja ba ce. Abin riƙewa shi ne ranar da aka yi ta ƙarshe da wa'adin da hukumar ta sanar wa rukuninsa. Wanda kuma yake karɓa daga wuri biyu, kamar tsofaffin ma'aikatan jiha da ke da kason tarayya a fanshonsu, tantancewar jiha ba ta ɗauke masa ta tarayya.

Idan wa'adi ya wuce

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne dakatarwa ake yi, ba sokewa ba. Sashe na 173 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare haƙƙin ma'aikacin tarayya na fansho, sashe na 210 ya yi haka ga na jiha. Rashin tabbatarwa ba ya shafe shekarun aiki, ba ya rage adadin da ake biya. Sunan ne ake cirewa daga jerin biyan wata, kuɗin watannin da aka tsallake kuma su zama bashi a kan gwamnati, abin da 'yan fansho ke kira ariyas. Amma tsakanin "kana bin gwamnati bashi" da "kuɗi sun shiga asusu" akwai tafiya, kuma tafiyar hawa biyu ce: mayar da suna cikin jeri, sannan biyan na baya. Mutane da yawa suna ɗauka abu ɗaya ne.

Mu ɗauki misali, ba na wani takamaiman mutum ba. Tsohon ma'aikacin reluwe ne a Zariya, ya yi ritaya a 2003, fanshonsa naira 54,000 a wata. Wa'adinsa ya ƙare a watan Maris yana kwance bayan aikin mafitsara, saƙon tunatarwa kuma ya tafi tsohon layinsa. Ƙarshen Afrilu bai ji alat ba. Bai damu ba, don jinkirin fansho ba baƙon abu ba ne, ya ce gwamnati ce ba ta saki kuɗi ba. Ƙarshen Mayu ma shiru. Sai a tsakiyar Yuni, a wajen ɗaurin aure, ya ji abokan aikinsa na da suna cewa su an biya su duka watannin biyu. Wata biyu da rabi sun tafi kafin ma ya san shi kaɗai ne.

Da ya yi tambaya ɗaya a makon farko na Mayu, da ya gane. Hanyar bambance dakatarwa da jinkiri ita ce a tambayi mutum biyu ko uku na rukuni ɗaya, ɗan reluwe ya tambayi 'yan reluwe, ba ɗan sanda ba, don ba lallai a biya rukunoni rana ɗaya ba. In su sun samu shi bai samu ba, sai ya je banki ya karɓi takardar bayanan asusu, domin wani lokaci kuɗin sun shiga, alat ɗin ne bai zo ba. In takardar ta nuna babu, to matsalar tasa ce shi kaɗai, kuma abin da za a fara zargi shi ne tabbatarwa.

Jikansa ya zaunar da shi ranar 26 ga Yuni, bayan gwaji uku allon ya nuna "Successful". Ƙarshen Yuni bai ga komai ba, hankalinsa ya tashi, ya ce an cuce shi. Ba a cuce shi ba. Jerin biyan kowane wata ana rufe shi tun kafin watan ya ƙare, don sai an lissafa, masu binciken kuɗi sun duba, an sa hannu, sannan a tura umarnin biya. Wanda ya tabbatar ranar 26 ya tarar an riga an rufe na Yuni. Mafi kusa da zai shiga shi ne na Yuli. Ƙarshen Yuli alat ya shigo: naira 54,000. An mayar da shi ke nan, hawa na farko ya kammala. Amma na Afrilu da Mayu da Yuni, naira 162,000, suna nan a matsayin ariyas. Wani lokaci sukan zo tare da biyan farko, wani lokaci sai an lissafa su daban an haɗa da na wasu an jira kuɗi, kuma a nan ne bibiya take da amfani.

Bibiyar da ke aiki a rubuce take. Wasiƙa ce gajera zuwa ga shugaban hukumar, ɗauke da cikakken suna kamar yadda yake a takardar tantancewa, lambar fansho, hukumar da ya yi wa aiki, watan da aka biya shi na ƙarshe, watannin da aka tsallake ɗaya bayan ɗaya, ranar da ya yi tabbatarwa, da lambar wayar da ke aiki yanzu. A haɗa da kwafin takardar tantancewa, da hoton allon da ya nuna an yi nasara, da takardar BVN, da takardar bayanan asusu mai hatimi da sa hannun banki tun daga watan biya na ƙarshe har zuwa yau. Wannan ta ƙarshen ita ce ƙashin bayan ƙorafin, don ita ke nuna cewa kuɗin ba su shiga ba. Ba tare da ita ba jami'in da ke lissafi ba shi da abin da zai dogara da shi. A kai hedikwata a Abuja ko ofishin hukumar mafi kusa, kamar na Kano ko Kaduna, a yi kwafi biyu, a sa su buga hatimin karɓa a ɗaya a dawo da shi gida. Reshen ƙungiyar 'yan fansho, NUP ko ta rukuninsa, yakan tattara irin waɗannan takardu ya kai gaba ɗaya, kuma ƙorafin da ƙungiya ta ɗauka ya fi saurin samun kunne. Duk wannan kyauta ne. Wanda ya kira waya ya ce shi jami'i ne, a tura masa wani abu ya fito da ariyas, ko ya nemi lambar sirrin kati, ɗan damfara ne. Suna farautar waɗanda aka dakatar ne musamman, don sun san suna cikin matsi.

Ariyas ɗin idan sun zo, naira 162,000 ɗin nan ce dai, babu ƙarin ko kwabo saboda jinkiri. A watannin ukun kuwa dattijon ya ci bashin mai shago da mai kemis, wataƙila ya sayar da akuya a farashin da bai so ba, kuma kuɗin da za su zo bayan wata shida ba za su sayi buhun masarar da za su saya a Afrilu ba. Wannan ita ce asarar gaskiya, kuma babu takardar da ke lissafa ta.

Idan dakatarwar ta daɗe, wasu ƙofofin ma sukan rufe. A ƙa'idar Babban Banki, asusun da mai shi ya shekara bai taɓa ba ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya yi barci, kuma kafin a ci gaba da cire kuɗi sai mai shi ya je da kansa da katin shaida an farfaɗo da shi. Ɗan fanshon da ba ya amfani da asusun sai don fansho, aka dakatar da shi shekara guda, zai iya warware ta Abuja ya dawo ya tarar da ta banki. Sannan duk yadda shiru ya yi tsawo, haka zaton mutuwa ke ƙarfi, har a kai inda tabbatarwa ta waya ba za ta wadatar ba sai an gan shi ido da ido da takardunsa na asali. Wanda ba ya iya tashi, iyalinsa su rubuta tun da wuri su haɗa da takardar likita su nemi a zo a tantance shi a gida ko a asibiti. Hukumar tana da wannan tanadin ga marasa lafiya, sai dai ba ta san mutum yana kwance ba sai an faɗa mata.

Idan da gaske ya rasu

Ɗaya fuskar ita ce wadda ba a cika son magana a kanta ba. A tsohon tsari, dokar fansho ta 1979 ta lamunce shekara biyar: wanda ya rasu kafin ya cika shekara biyar da ritaya, magadansa za su karɓi ragowar. Tunda na ƙarshe a wannan tsarin ya ajiye aiki a 2007, wannan lamunin ya ƙare wa kowa tuntuni. Fanshon yana tsayawa ne da rasuwa. Abin da ya rage wa magada shi ne bashin da mamacin ke bin gwamnati yana raye, kamar ariyas ko ragowar garatuti.

A ce dattijon nan na Zariya ya rasu a watan Janairun shekarar da ta biyo baya, iyali suka yi shiru suna cirewa da katinsa daga Fabrairu har Yuni, lokacin da rashin tabbatarwa ya tsayar da biya. Wata biyar, naira 270,000. Waɗannan kuɗin ba sa cikin gado, don ba na mamacin ba ne. Ranar da magada suka zo neman haƙƙinsa na baya, dole su kawo takardar shaidar mutuwa, ita kuma tana ɗauke da kwanan wata, takardar bayanan asusu kuma za ta nuna abin da ya shiga bayan ranar da wanda aka cire. Za a lissafa rarar a nemi a mayar, ko a zabtare ta daga abin da ake bin gwamnati. Da an sanar a makon rasuwar, da fayil ɗin magada ya tafi a tsabtace.

A tsarin adashi lissafin ya sha bamban, shi ya sa bai kamata a gwama su ba. Wanda ya zaɓi kamfanin fanshonsa ya riƙa yanko masa daga asusunsa duk wata, kuɗinsa ne ke ajiye. In an tsayar da biya saboda ba a ji ɗuriyarsa ba, suna nan a asusun ana ci gaba da juya su, in ya rasu kuma ragowar ta magada ce, bayan sun kawo wasiyya ko takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci. Wanda kuma ya miƙa kuɗinsa ga kamfanin inshora don a biya shi har ƙarshen rayuwa, lamuninsa shekara goma ne: in ya rasu a cikinsu, magada su karɓi ragowar shekarun, in ya haura goma, biyan yana ƙarewa da rasuwarsa. Don haka kamfanin inshora ya fi matsa wa shaidar rai daga shekara ta 11, domin daga nan duk watan da ya biya mamaci daga aljihunsa ya fita.